Fuska Tar, Jiki Dishi-Dishi

A wajen kamu, ƙanwar amarya tana tsakiyar rawa aka ɗauke ta hoto. Komai ya yi kyau, sai dai idonta a rufe yake. Mai hoto yana da wani da ya ɗauke ta a tsaye tana murmushi, don haka ya yanko wannan fuska ya ɗora a kan ta rawar. Launin fata ya dace, haske ma ya dace, amma duk wanda ya kalla sai ya ga kamar an liƙa mata fuskar takarda. Dalili kuwa shi ne goggoro da kafaɗa sun yi dishi-dishi saboda motsi, fuskar ita kaɗai ta fito tar.

Dishi-dishin motsi yana da alkibla, yana da tsawo. A ɗaki mai ƙarancin haske kyamara takan buɗe ido na kashi 1 cikin 30 na daƙiƙa. Idan kai yana tafiyar santimita 30 a daƙiƙa, ya gusa santimita 1 ke nan kafin ta rufe. Fuskar da faɗinta santimita 15 ne, in ta cinye fiksel 300 a hoton, kowane ɗigo nata zai ja layi na fiksel 20.

Ba sai an yi wannan lissafi ba, domin hoton da kansa yana faɗa. A nemi abu ƙarami mai ƙyalli kusa da fuska. Ni dai ɗankunne na fi yarda da shi, tunda tare da kai yake tafiya, ba kamar awarwaro ba, wanda gudun hannu yake bi. Ƙyallinsa ya zama ɗan layi. A Photoshop, a auna layin da Ruler Tool, a cire kaurinsa daga tsawonsa. Sai a mayar da sabuwar fuska Smart Object, a buɗe Filter > Blur > Motion Blur, a sa karkatar layin a Angle, tsawon kuma a Distance. Masu gaggawa kan ɗauki Gaussian Blur, wanda ke baza dishi-dishi ta ko'ina, fuska ta koma kamar hoton da ba a saita ba.

Idan juya kai take yi, lamba ɗaya ba ta isa, domin hanci ya fi gefen kumatu gudu. Nan Path Blur ke da amfani, yana ba kowane sashe hanyarsa da saurinsa.

Gefen yanka ma sai ya sha dishi-dishin, in ba haka ba haɓa ta fito kamar an yanke ta da reza. Sannan aikin yana goge tsaki-tsakin da kyamara ke bari a hoton cikin duhu, fuskar ta yi sumul fiye da wuya. A mayar da shi daga ƙarshe da Add Noise, kaɗan-kaɗan, a ƙara girman hoto zuwa 200%, a kwatanta kumatu da wuya har tsaki-tsakinsu ya zama ɗaya.