Daga Ciwon Maƙogwaro Zuwa Ciwon Zuciya

Ba kowane ciwon maƙogwaro ne ke wucewa salin-alin ba. Idan ƙwayar cutar sitiref ce ta kama yaro ɗan shekara 5 zuwa 15, kuma bai samu maganin fenisilin ba, bayan mako 2 zuwa 3 garkuwar jikinsa na iya rikicewa, ta far wa zuciyarsa.

Inda ɓarnar ta fi yawa shi ne murfin da ke tsakanin ɗakuna biyu na hagun zuciya, wanda ke hana jini komawa baya. Da farko yakan kumbura, ya daina rufuwa sosai, jini ya riƙa zurarewa. Duk lokacin da ciwon ya dawo, sai tabo ya hau kan tabo. Cikin shekaru murfin ya yi kauri, gefunansa su manne, ƙofar ta tsuke kamar bakin kifi, jini ya taru a huhu.

Abin takaici, sau da yawa shiru yake yi. Sai yarinya ta girma ta ɗauki ciki, numfashi ya fara gagara idan ta kwanta, sannan hoton zuciya ya tona asirin. Allurar fenisilin duk mako 3 zuwa 4 tana hana ƙarin ɓarna, amma murfin da ya riga ya tsuke sai aikin likitocin zuciya.