Takardar da Ya Kamata Ta Biyo Bayan Makulli

A yawancin gidajen haya na Kano, abin da sabon ɗan haya yake samu ranar tarewa bai wuce makulli da rasit da "Allah ya sa a zauna lafiya" ba. Dillali ya karɓi la'adarsa ya kama gabansa, mai gida kuma ba za a sake jin ɗuriyarsa ba sai shekara ta zagayo. Duk abin da ya shafi zaman gidan, daga lokacin kulle ƙofa har zuwa wanda zai biya kuɗin yashe masai, sai dai mutum ya tsinta a bakin maƙwabta, kuma galibi ranar da aka yi cacar baki yake tsintarsa.

Takardar maraba ita ce ke toshe wannan giɓin. Dabam take da yarjejeniyar haya, wadda ake sa wa hannu gaban shaidu kuma ake ɗauka zuwa kotu. Wannan shafi ɗaya ce, iyaka biyu, da mai gida ko wakilinsa yake rubutawa da Hausar da kowa zai gane, ya faɗi yadda ake zama a gidan. Kada ta saɓa wa yarjejeniyar ko da a kalma guda, domin idan ta saɓa an haifi wata rigimar ke nan.

Mu ɗauki misalin gida mai sassa huɗu a wata unguwa kamar Hotoro, mita ɗaya, rijiyar burtsatse ɗaya, ƙofar shiga ɗaya. Wani malamin makaranta ya kama sashe guda a kan naira 360,000 a shekara, ya tare ranar 1 ga Maris. Bayan sallama da yi masa barka da zuwa shi da iyalinsa, abin da takardar za ta fara faɗa shi ne kwanan wata: hayar ta fara 1 ga Maris, za ta ƙare ranar ƙarshe ta Fabrairu mai zuwa, kuma da watan Bature ake lissafi. Wannan jimla ta ƙarshe ba ƙaramin aiki take yi ba. Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kimanin kwana 11, don haka idan dattijon mai gida yana riƙe da cewa "a Sha'aban ya shigo", ɗan haya kuma yana kallon kalandar ofis, to a shekara ta uku tazarar da ke tsakaninsu ta kai wata guda, kowa kuma yana ganin shi ke da gaskiya.

Sai hanyar biya. A rubuta sunan banki da lambar asusu da sunan da zai fito a allon waya, a kuma ƙara da cewa duk kuɗin da aka miƙa wa wani, ko ɗan mai gida ne ko dillali, ba tare da rasit ba, ba a ɗauke shi biya ba. Hoton tiransifa shi kaɗai bai isa hujja ba tunda akwai alat na bogi. Mai gida ya yi alkawarin ba da rasit cikin kwana biyu da shigar kuɗi. Ƙananan kuɗaɗen wata-wata su ne suka fi ɓata zumunci. Idan katin mita naira 20,000 ake sayowa, kowane sashe 5,000, a faɗi ranar tarawa, kamar 5 ga wata don ma'aikaci ya samu albashi ya shigo, a faɗi mai tarawa, a kuma faɗi yadda za a yi da mai firiza biyu ko mai injin markaɗe. Raba daidai tsakanin gwauro mai fanka ɗaya da mai sana'ar ƙanƙara zalunci ne, ko da kowa ya yi shiru. Ranar tarewa kuma a rubuta lambar mitar KEDCO da yawan wutar da ta rage a ciki, saboda kada sabon shiga ya gaji bashin wanda ya tashi.

Dokokin gida ba sa bukatar tsawo. Lokacin kulle ƙofa da wanda ke da makulli, wurin ajiye babur da janareta, juyin sharar tsakar gida da kwata, batun kiwo, da cewa ba a ba wani sashen haya ko fasa bango sai da izini. Ni dai a ganina doka shida da za a kiyaye ta fi ashirin da za a yi wa dariya. Mai gidan da ya rubuta "ba a son baƙi" ya sani cewa ɗan haya kuɗinsa ya biya, ba almajirinsa ba ne.

Gyara ne wurin da ya kamata a zauna a yi bayani sosai. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce ginin gida na mai gida ne: rufin kwano, bangon da ya tsage, wayarin na cikin bango, famfon burtsatse idan ya ƙone da kansa. Abin da amfani na yau da kullum ya cinye, kamar ƙwan lantarki, kan famfo, ko kwaɗon da aka ɓalle, na ɗan haya ne. Takardar ta jera su haka ƙarara. To, a ce cikin Agusta malamin nan ya ga tabon ruwa a silin ɗin ɗakin yara. Takardar ta riga ta gaya masa ya ɗauki hoto ya tura ta WhatsApp a ranar, ya rubuta ɗakin da lokacin da abin ya fara, domin saƙo yana barin shaida, maganar da aka yi a ƙofar masallaci kuwa iska ce ke kwashe ta. Ta kuma ɗaure mai gida da lokaci: amsa cikin kwana ɗaya, kafinta cikin kwana uku. Idan kwana ukun sun wuce shiru, ɗan haya zai iya kiran kafinta ya yi ƙiyasi, ya tura wa mai gida, sai an amince masa a rubuce sannan ya gyara a cire daga haya. Wanda ya gyara da kansa ya kawo lissafin 45,000 ranar biyan haya zai ji "wa ya sa ka?", kuma ba shi da amsa. Shi ma mai gida yana da riba a nan, don yoyon da za a toshe da ƴan ƙusoshi da kwalta a makon farko, idan ya kai ƙarshen damina sai an sauya silin da katakon da ya ruɓe.

Kashi na ƙarshe shi ne na gaggawa, kuma lambobin waya kaɗai ba su wadatar ba. A faɗi inda babban makunnin wutar gidan yake, da inda ake rufe ruwan tanki, a kuma kai mutum ya gani da idonsa. A rubuta cewa idan an ji warin gas a buɗe tagogi, a rufe kan tukunyar, kada a kunna ko kashe makunnin lantarki. Da hunturu kuma a tuna wa mutane hita da ake mantawa a bokiti da garwashin jin ɗumi a ɗaki rufe. Sannan lambobi: ta mai gida, ta mutum na biyu da za a kira idan ya yi tafiya ko wayarsa na kashe, ta mai gyaran wuta da mai gyaran famfo na gidan, ta mai unguwa, ta ofishin ƴan sanda da na kashe gobara mafi kusa, da 112, lambar gaggawa ta ƙasa wadda ake kira kyauta. Mai gida ya gwada kowace lamba da kansa kafin ya rubuta ta. Ɗan haya ma ya ba da lambar wani ɗan'uwansa.

A buga kwafi biyu, kowa ya sa hannu ya riƙe ɗaya, a manna shafin gaggawa a zaure. Masu gidaje, uwargida ce take wuni a gidan, ita za ta fara ganin yoyo ko jin ƙauri, don haka a tabbatar an karanta mata takardar, ko a tura mata da saƙon murya idan ba ta karatun boko.