Wasan dala: lissafi da marfin kwalba

Duk mai tsallaka bodar Jibiya zuwa Maraɗi ya san da dala ake ciniki, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Da wannan nake koya wa ƙannena sau biyar.

Ku tara marafan kwalba, kowane marfi dala ɗaya. Yaro ɗaya ya kasa kaya ya ce, "Ƙuli-ƙuli dala bakwai." Mai saye ya biya marfi bakwai, ya rubuta sefarsa a ƙasa: 35.

In ya rubuta 12, to tarawa ya yi. Kar a yi masa tsawa. Ya taɓa marafan ɗaya-ɗaya yana cewa biyar, goma, sha biyar, har ya kai.

Ranar da suka gane, ku juya tambayar: sefa 60 dala nawa ce?