Sabulun ruwa a cikin injin wanke-wanke

Sabulun ruwa na wanke-wanke, wanda ake ɗiga wa soso a wanke kwanuka da hannu, ba a zuba shi a cikin injin wanke-wanke. Babban dalili shi ne kumfa. An haɗa wannan sabulu ne da sinadarai masu yawan kumfa, shi kuwa injin an ƙera shi ne don ya yi aiki da ruwan da kusan ba shi da kumfa.

Yadda kumfa ke hana injin aiki

Injin ba ya cika da ruwa kamar baho. Ruwa kaɗan yake ɗiba ya tara a ƙasansa, sai famfo ya riƙa tura shi cikin wasu hannuwa masu ƙananan ramuka. Ƙarfin fitar ruwan ne ke juya hannuwan, shi ne kuma ke kankare abincin da ya manne. Ruwan yana gangarowa ƙasa, famfo ya sake zuƙarsa, haka ake ta yi har a gama.

Idan akwai sabulun hannu a ciki, wannan feshi tamkar kaɗa shi yake yi ba tsayawa, ko da cokali ɗaya ne. Kumfa kuwa yawancinta iska ce. Da zarar famfo ya fara zuƙarta a maimakon ruwa, feshin sai ya yi rauni, hannuwan su rage gudu, kwanuka su fito da maiƙonsu. Can kuma kumfar ta kutso ta ƙasan ƙofa ta malale ɗakin girki. A wasu injina, idan ta sauka cikin farantin da ke ƙarƙashi, na'urar gano yoyo takan tsayar da wankin, famfon zubar da ruwa ya yi ta aiki.

Sabulun injin, gari ne ko dunƙule, ba ya kumfa sosai. Yana da kaifi irin na kanwa wanda ke narkar da maiƙo a ruwan zafi, shi ya sa ma ba a wanki da shi da hannu. Yawanci yana ɗauke da sinadaran enzayim masu farfasa sitaci da furotin.

Idan an riga an zuba

A tsayar da injin, a fitar da kwanuka, a kwashe kumfar da roba, a goge ma'ajiyar sabulun. Sai a zuba man girki kamar cokali biyu a ƙasan injin, domin mai yana kashe kumfa, a kunna shirin ɗauraya babu komai a ciki. Akan maimaita har kumfar ta ƙare.

Kuskuren da ya fi wuyar gyara shi ne zuba sabulun a ma'ajiyar ruwan ɗauraya da ke jikin ƙofa. Ita kaɗan-kaɗan take saki a kowane wanki, don haka kumfar za ta yi ta dawowa har sai an zuƙe abin da ke ciki an wanke ta.