Yadda Hayaƙinmu Ke Hana 'Ya'yan Kawa Yin Ɓawo a Teku

A gaɓar Netarts da ke jihar Oregon ta Amurka akwai wani gidan ƙyanƙyasar kawa mai suna Whiskey Creek, wanda ke sayar wa masu kiwon kawa na wannan yanki iri. A shekarun 2007 da 2008 sai 'ya'yan kawar suka riƙa mutuwa da yawa cikin tankuna, har abin da gidan ke fitarwa ya ragu da kusan kashi uku cikin huɗu. Da farko an zargi wata ƙwayar cuta. Aka tace ruwan, aka kashe ƙwayoyin cutar, mutuwa ba ta tsaya ba. Sai da ma'aikacin gidan Alan Barton da masani Burke Hales na Jami'ar Jihar Oregon suka bi diddigin sinadaran ruwan da ake zuƙowa daga teku, sannan aka gano inda gizo ke saƙa. Ruwan ya cika da iskar kabon dayokzaid, wato CO₂.

Ɗalibin da zai amsa tambaya kan wannan batu a jarrabawar shekara ta biyu, da ma duk mai son fahimta, ya fara da gyara wata gurguwar fahimta. Idan an ce tsamin teku yana ƙaruwa, ba a nufin teku ya zama asid. A ma'aunin pH, sai an yi ƙasa da 7 ake shiga sahun asid, ruwan saman teku kuwa yana wajen 8.1 a yau, daga wajen 8.2 kafin zamanin masana'antu. Ragin 0.1 kamar ba komai ba ne, amma ma'aunin na ninkawa ne: kowane mataki ɗaya ninki goma ne na yawan ayon ɗin haidirojin, H⁺. Saboda haka ragin 0.1 yana nufin ninki 10^0.1, wato 1.26. H⁺ ya ƙaru da kimanin kashi 26 cikin ɗari ke nan. Tushen abin a sarari yake. CO₂ na sararin sama ya tashi daga kashi 280 cikin miliyan zuwa sama da 420, teku kuma yana shanye kusan rubu'in abin da muke fitarwa ta ƙona man fetur da gawayin kwal da gas.

Da iskar ta narke a ruwa sai ta haɗu da shi ta zama asid mai rauni, wanda ke rabuwa nan take:

CO₂ + H₂O ⇌ H₂CO₃ ⇌ H⁺ + HCO₃⁻

Yawancin ɗalibai nan suke tsayawa, alhali ɓarnar tana mataki na gaba. Ruwan teku yana ɗauke da kabon ta siffa uku. Kusan kashi 90 cikin ɗari baikabonet ne, HCO₃⁻, kusan kashi 9 kabonet ne, CO₃²⁻, sauran ɗan ƙanƙanin kuwa CO₂ ne narkakke. Sabon H⁺ da aka saki ba ya zama haka kawai. Mafi yawansa yana kama kabonet ɗin da ya tarar ya mayar da shi baikabonet. Idan aka haɗa matakan biyu sai a samu:

CO₂ + H₂O + CO₃²⁻ → 2HCO₃⁻

A ganina wannan layi shi ne zuciyar darasin gaba ɗaya. Wannan kamun ne ya hana pH faɗuwa warwas, amma da kabonet ake biyan farashinsa. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne, jimillar kabon a ruwa ta ƙaru, amma siffar da ake gina ɓawo da ita ta ragu.

Ɓawon kawa, da na wuri, da ƙashin murjani, duk kalsiyam kabonet ne, CaCO₃. Ko ruwa zai bar ɓawo ya ginu ko zai ci shi, ana gane wannan da wani ma'auni da ake kira Omega:

Ω = [Ca²⁺][CO₃²⁻] / Ksp

Kalsiyam yana da yawa a teku, wajen 0.0103 mol a kowane kilo na ruwa, kuma kusan ba ya canzawa, don haka kabonet ne ke juya Omega. Mu gwada da aragonait, ɗaya daga cikin siffofi biyu na kalsiyam kabonet, wanda Ksp ɗinsa a ruwan teku yake wajen 6.5 × 10⁻⁷. Idan kabonet ya kai 2.0 × 10⁻⁴ mol a kilo, irin na ruwan sama mai ɗumi, ninka shi da kalsiyam zai ba da 2.06 × 10⁻⁶, a raba da Ksp a samu Omega wajen 3.2. Idan kabonet ya sauko zuwa 0.6 × 10⁻⁴, lissafi ɗaya zai ba da 0.95. Sama da 1 ɓawo yana tsira, ƙasa da 1 ɓawon da ba shi da kariya yana fara narkewa. Ɗaya siffar, kalsait, ta fi tauri wajen narkewa, domin aragonait ya fi ta saurin narkewa da kusan rabi. Shi ya sa murjani da ƙananan dodon koɗin teku masu iyo, waɗanda ke gini da aragonait, suke fara jin jiki.

Babbar kawa da kalsait take yin yawancin ɓawonta, amma ɗanta da aragonait yake fara nasa, kuma cikin kwana biyun farko na rayuwa. A wannan lokaci bai iya cin abinci ba tukuna, guzurin da ya fito da shi daga ƙwai kawai yake ƙonawa. Ginin ɓawo kuwa yana cin ƙarfi, domin dole dabbar ta tura H⁺ waje daga wurin da take ginin don Omega ya tashi a can. In ruwan waje ya riga ya cika da H⁺, turawar takan yi tsada. Guzuri ya ƙare, ɓawo ya fito a karkace ko ƙarami, bayan kwanaki ɗan kawa ya mutu. Saboda haka cutarwa tana farawa tun Omega bai sauko 1 ba. Wanda ya rubuta a jarrabawa cewa asid ne kawai ke narkar da ɓawo ya bar rabin amsa a baya.

Me ya sa Oregon ta riga sauran wurare? A lokacin zafi iskar arewa tana kore ruwan sama daga gaɓa, sai ruwan ƙasa mai sanyi ya taso. Ruwan sanyi ya fi riƙe CO₂, kuma ruɓewar matattun halittu a can ƙasa ta ƙara masa. Wannan tasowa daɗaɗɗiya ce, ba mutum ya kawo ta ba, amma ruwan yana ɗauke da ƙarin CO₂ da ya sha daga iska shekaru gommai da suka wuce, lokacin da yake sama. Wannan ƙari ne ya tura ruwan da dama yake bakin iyaka ya tsallake.

Masu gidan suka kafa na'urar da ke auna ruwa dare da rana. Suka koma cika tankuna da yamma, bayan ciyayin ruwa sun wuni suna zuƙe CO₂ da hasken rana, maimakon da sassafe. Daga baya suka fara zuba sodiyam kabonet a ruwan don ɗaga Omega, sinadarin da ke cikin kanwar da ake kashe tsamin miyar yakuwa da ita. 'Ya'yan kawa suka koma rayuwa a tankuna. Waɗanda ake haifa a buɗaɗɗen teku kuwa ba mai zuba musu komai, kuma ruwan da zai taso a gaɓar nan da shekaru masu zuwa ya sha iskar da ta fi ta da yawan CO₂.