Yatsu shida da sarƙar da ta tsinke: yadda ake gyara haɗaɗɗen hoto

A watan Maris na 2023 wani hoton Fafaroma Francis sanye da ƙatuwar farar rigar sanyi ya karaɗe duniya, jama'a da dama suka ɗauka na gaske ne. Manhajar Midjourney ce ta ƙirƙire shi. Masu lura sun gano shi daga hannun da ya kasa riƙe kofi yadda ya kamata, da kuma sarƙar gicciyen da ke rataye ta gefe ɗaya kawai.

Tushen matsalar ƙanƙanta ce. Stable Diffusion, wadda ta fito a 2022, tana zana hoto mai faɗin fiksel 512, amma a cikinta tana matse shi sau takwas, ya koma gurbi 64 a kowane gefe. Idan hoton mutum ne a tsaye, faɗin hannunsa bai wuce fiksel 40 ba, wato gurbi biyar ke nan ga yatsu biyar. Haƙori ɗaya ko gurbi guda bai cika ba, shi ya sa haƙora ke narkewa su zama farin layi. Ga shi kuma manhajar ba ta ƙirga komai. Kamannin abin da ta saba gani take kwaikwayo. Sai ta yi yatsa na shida, ko 'yan kunne biyu da ba su dace da juna ba.

Zagaye na biyu yana ba wa ƙaramin wurin fili. Mai gyara zai shafe hannun kaɗai a sashen Inpaint, ya zaɓi Only masked. Manhajar ta yanko wurin, ta buɗa shi zuwa fiksel 512, ta sake zana shi, sannan ta rage shi ta mayar gurbinsa. Hannun da ya samu gurbi biyar a da, yanzu ya samu gommai.

Gwanintar tana wajen Denoising strength, ma'aunin yawan canjin da aka yarje wa manhajar. A 0.4 tana gyara farce da gaɓoɓi ba tare da ta taɓa siffar hannun ba, saboda haka yatsa na shida zai tsira, har ma ya ƙara kyau. Dole a fara goge shi da launin bayansa. Idan aka haura 0.7 kuwa, launin fata na iya saɓawa a wuyan hannu, wani lokaci ma wata 'yar fuska ta ɓullo a tafin.

A hoton mutum na gaske akwai abin kiyayewa: manhajar na iya toshe wa amarya wushiryarta, ta ɗauka aibi ce. Sarƙar da ake tallatawa kuma bai kamata a bar wa manhaja ta zana ba, domin za ta sauya ƙirar. A yanko ta daga hotonta na ainihi a ɗora a wuya, a shafe gefen fatar kaɗai, a sa 0.2 don inuwarta ta zauna.