Wurare Huɗu da Maganin Ƙwayoyin Cuta ke Kai Hari, da Dalilin da Penisilin ba ya Taɓa Ciwon Huhun Shanu



Kwanan baya wani dattijo ya tare ni a bakin rijiya, da kwalbar penisilin a hannunsa da ta kusa ƙarewa. Ya ce: "Likita, kwana uku ke nan ina yi wa saniyata allura, har yanzu tari take, tana miƙe wuya tana nishi. Ko jabu aka sayar mini?" Na duba kwalbar, na duba saniyar, na ce: "Baba, mai yiwuwa maganinka na gaske ne, amma abin da yake nema ya karya babu shi a jikin wannan ƙwayar cutar." Bayanin da na yi masa shi ne nake so in yi muku yau.

Ƙwayar bakteriya halitta ce mai rai, kuma akwai abubuwa huɗu da take buƙata ta rayu ta hayayyafa. Kowane dangin magani ɗaya daga cikinsu yake lalatawa. Sunayen kamfani suna da yawa a kasuwa, don haka sunan sinadarin da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe a ƙasan babban suna shi za ku sa a karanta muku.

Na farko ita ce katanga. Yawancin bakteriya suna da bango mai tauri da ke riƙe su. Penisilin da danginsa, ampisilin da amoksisilin, suna hana ƙwayar ɗinke wannan bango lokacin da take girma, sai ruwa ya shige ta ta fashe. Ƙwayoyin jikin dabba ba su da irin wannan bango, shi ya sa maganin ba ya fasa su. Yana aiki sosai a kan harbin daji da ciwon saifa idan an kama su da wuri, da raunuka masu yawa. To amma ƙwayar da ke kawo ciwon huhun shanu mai yaɗuwa, wadda ake kira mikoplasma, ba ta da katanga ko kaɗan. Ko ka ninka allurar, ko ka koma amoksisilin, duk ɗaya ne, domin dangi ɗaya ne kuma wuri ɗaya suke hari.

Na biyu ita ce maƙerar ƙwayar, wadda masana ke kira ribozom. A nan take ƙera furotin, kayan da take gina jikinta da su. Oksitetrasiklin, da tilozin, da sitireptomisin duk nan suke zuwa, kowanne da gefen da yake kamawa. Mikoplasma tana da wannan maƙera, saboda haka oksitetrasiklin da tilozin suna iya taɓa ta. Sai dai su biyun galibi tsayar da girman ƙwayar suke yi, jikin dabbar ne ke ƙarasa kashe ta. Shi ya sa rage adadi ko yanke magani da wuri ke sa cuta ta dawo. Haka kuma kada ku gauraya oksitetrasiklin da penisilin da kanku: penisilin yana buƙatar ƙwayar da ke girma, ɗayan kuma yana tsayar da girman, sai su iya rage wa juna ƙarfi.

Na uku hanyar folat ce. Folat sinadari ne da ƙwayar ke haɗa wa kanta mataki-mataki kafin ta iya rabuwa biyu, kamar yadda hatsi sai an surfa an daka kafin ya zama gari. Magungunan sulfa, irin su sulfadimidin, suna tare matakin farko, tirimetofirim kuma yana tare na gaba. Dalilin da ya sa kuke ganin su a kwalba ɗaya ke nan, domin tare sun fi ƙarfi. Suna da iyaka biyu da ya kamata ku sani. A cikin mugunya ƙwayar tana samun abin da take buƙata daga ruɓaɓɓen nama, sai maganin ya raunana, don haka ƙurji sai an fasa an wanke. Kuma dabbar da gudawa ta busar, a ba ta ruwa isasshe, domin sulfa na iya taruwa a ƙoda.

Na huɗu ya shafi zaren gado na ƙwayar, wato DNA. Kun san idan ka buɗe igiya mai tufka biyu ta tsakiya, gabanta sai ya murɗe ya ƙulle. Haka zaren ke yi lokacin da ƙwayar ke kwafarsa, sai wani sinadari mai suna jires ya yanke shi, ya warware murɗin, ya sake haɗawa. Enrofuloksasin yana kama jires bayan ya yanka, ya hana shi haɗawa, zaren ya tsinke ƙwayar ta mutu. Magani ne mai ƙarfi, amma ɗan uwan siprofuloksasin ne da ake ba mutane a asibiti. Idan muka yawaita shi a garke, ƙwayoyin da suka saba da shi suna iya kai wa ga iyalanmu. Yana kuma iya lalata guringuntsin gaɓoɓin dabbar da ba ta gama girma ba. A bar shi sai likita ya rubuta.

Mu koma ga saniyar dattijon. Na auna zafin jikinta na samu 40.5, alhali na lafiyayyar saniya yana tsakanin 38 da 39. Tana tsaye ta ware ƙafafun gaba, kuma wasu shanu biyu sun fara tari bayan haɗuwa da baƙon garke a rijiya. Wannan ya sa na yi zargin ciwon huhu mai yaɗuwa, wanda gwajin jini ne ke tabbatar da shi. Abu na farko da muka yi shi ne ware marasa lafiyar da sanar da ma'aikatan kiwo na yankin, domin cuta ce da dole a kai rahotonta. Na kuma gaya masa gaskiya: ko maganin da ke taɓa ƙwayar na iya kwantar da tari ya bar ta ɓoye a cikin huhu, dabbar ta ci gaba da harbin sauran. Abin da ke kare garke shi ne allurar rigakafi ta kowace shekara.

Ya nuna mini wata kwalbar oksitetrasiklin da yake yi wa shanunsa mililita 10 kowace. Muka yi lissafi tare. Kwalbar mai dogon aiki ce, mai lamba 20%, wato miligiram 200 a kowace mililita. Ƙa'idarta miligiram 20 ga kowane kilo, ma'ana mililita 1 ga kilo 10. Saniya mai kilo 250 tana buƙatar mililita 25, a raba wuri uku cikin tsoka. Mililita 10 ɗinsa ba ta kai rabi ba, kuma irin wannan ƙarancin ne ke koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Kwalba mai 5% ko 10% lissafinta dabam ne, kuma yawanci kullum ake yin ta na ƴan kwanaki.

Idan magani ya dace, cikin kwana biyu zuwa uku zafi zai sauka, dabba ta koma tuƙa da cin abinci. Idan ba haka ba, kada ku sayi wani suna daga dangi ɗaya, ku kira likitan dabbobi. Ku tuna kuma dangin nan huɗu galibi a kan bakteriya suke aiki. Annobar awaki da tumaki da ciwon baki da kofato bairos ne ke kawo su, sammore da tsutsar ciki ma maganinsu dabam ne. Kafin ku sha nono ko ku yanka dabbar da aka yi wa allura, ku sa a karanta muku kwanakin jira da ke jikin kwalbar, ku cika su.

Allah ya ba mu lafiya da dabbobinmu.